Matoshin kwalbar humra ya karye a wuya, yana neman faɗawa ciki

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka da shawara. Babbar kwalba ce mai mililita 750, cike da humra har wuya. Murfinta irin matoshin ɓawon itacen nan ne mai hular katako a sama. An murɗa za a buɗe sai hular ta fita ita kaɗai, guntun ya zauna a wuyan kwalba. An gwada soka masa ƙusa don a zaro shi, maimakon ya fito sai ya ƙara nutsawa kamar faɗin yatsa ɗaya. Ta mutane ce, gobe za a zo karɓa a rarraba cikin ƙananan kwalabe. Yaya za a fitar da shi bai faɗa ciki ba?

Nasiru Arkilla: Wa alaikumus salam Anti. Ki sa gindin kwalbar cikin takalmi sau-ciki, ki riƙa buga dunduniyar takalmin a bango a kwance. Ruwan ciki ne zai riƙa turo shi waje kaɗan-kaɗan. In ya ƙi, a kunna laita a zagaya wuyan daidai ƙarƙashin matoshin, iskar da ke wurin za ta kumbura ta harbo shi.

Malama Saratu: Nasiru, don Allah janye maganar laita. Humra ce fa, ba ruwan sha ba. Akasarinta ana haɗa ta da turaren ruwa mai sifirit, kuma tururin sifirit ɗin yana taruwa ne a wannan ɗan sararin da kake cewa a ƙona. Matoshin na fita, tururin ya haɗu da wuta. Ga shi gilashi mai kauri in aka zafafa masa gefe ɗaya alhali ruwa mai sanyi na taɓa shi daga ciki, tsagewa yake yi. Maman Hanifa kada wuta ta kusanci kwalbar nan, ko garwashin turaren wuta a kawar da shi daga ɗakin kafin a fara aiki.

Nasiru Arkilla: Na karɓa Malama. Amma ta takalmi tana yi, wannan ba shakka.

Malam Ummaru Kafinta: Tana yi ga dogon matoshi lafiyayye wanda ya cika wuya, kuma ga ruwa maras kauri. Ko a nan ma sa'a ce, don kwalba mai ƙaramar tsaga da ido bai gani ba a hannun mutum take fashewa. Wanga guntu ne da ya riga ya saki, bugun farko shina iya juyewa ya koma ciki. A bar ta.

Maman Hanifa, kafin komai ki aje ƙusa, ita ta jawo nutsewar. Ƙusa santsi gare ta, ba ta da abin kamawa, kuma sai an danna take shiga. Shi kuwa guntun matoshi abin da ke riƙe shi matsewar da ya yi da gilashi ce kawai. Irin mai hular nan, abin da ke shiga wuya bai cika wuce santimita 2 ba, kaurinsa kuma kaɗan ya ɗara ramin wuyan don a iya buɗewa da hannu. Yawancin kwalabe kuma wuyansu shina ɗan ƙara faɗi in anka gangara ƙasa. Kenan duk nutsewar da ya ƙara, riƙonsa raguwa yake. Yanzu ki ba ni amsar abu uku. In kin haska fitilar waya, saman guntun a dunƙule yake ko ya dagargaje? Akwai tsaga ko ɓalli a bakin kwalbar? Kuma nawa ya rage tsakanin ƙasan matoshin da humrar?

Maman Hanifa: Samansa a dunƙule yake Malam, sai ramin ƙusar a tsakiya. Bakin kwalba lafiya lau, na shafa ban ji kaifi ba. Tsakaninsa da humra bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Malam Ummaru Kafinta: To madalla, akwai dama. A nemo sukurun katako, ba noti ba, ba kuma sukurun ƙarfe mai ƙananan zare ba. Baƙin nan siriri mai tsini da manyan zare a warwatse, mai tsawon inci biyu da rabi ko uku, kowane mai sayar da kayan gini shina da shi. Siririn ake so don mai kauri faɗaɗa matoshi yake yi, ya ƙara matse shi da gilashi ko ya tsaga shi biyu. A goge shi da ƙyalle don akan samu mai ko baƙin ƙura a jikinsa. Sai sukundireba da filaya.

A tsayar da kwalbar a ƙasa bisa tabarma, mutum ɗaya ya riƙe ta da hannu biyu an naɗa mata tawul. Kada a bi ramin ƙusa, wurin ya riga ya mutu. A sa tsinin kusa da gefe, kamar milimita 4 ko 5 daga gilashi, a karkace shi ya nufi ɗaya gefen ta ƙasa. Dalilin karkacewar biyu ne. Ƙarfin da hannu ke dannawa zai tafi ga bangon wuya maimakon ya tafi ƙasa kai tsaye, kuma zaren zai ratsa nama mai yawa fiye da in an miƙe shi. Zagaye biyu na farko da yatsu za a yi su, ba da sukundireba ba, don yatsu sun fi jin in abu ya fara motsi. Da zarar zare ya kama, shi ke jan kansa, aikin hannu murɗawa ne kawai. A riƙa ɗan ɗago sukurun sama ana murɗawa.

Ana duban gefen kwalbar. In tsinin ya leƙo ta ƙasan matoshin da zare ɗaya ko biyu, a tsaya. Sannan a kama kan sukurun da filaya a ja sama a hankali ana ɗan kaɗawa hagu da dama. Ba fizga ba. Fizga zaren kawai take fitarwa da garin itace, ta bar rami.

Nasiru Arkilla: Baba Ummaru ai cewa ake kada a huda shi har ƙasa, don gari zai zuba ciki.

Malam Ummaru Kafinta: Ga dogon matoshi hakan take, don shina da santimita 4 da wani abu, akwai naman kamawa ko ba a kai ƙasa ba. Guntu mai santimita 2 in ba ka ratsa shi duka ba rabin sama za ka ɗebo, ka bar faifai siriri a ƙasa wanda babu abin da zai sake kama shi. Ɗan garin da zai zuba ana tace shi. Hudawar ma tana da wani amfani: kwalbar da anka rufe da zafin rana ta kwana ta huce, iskar cikinta takan tsuke ta riƙa jan matoshi ciki. In an huda, iska ta shiga, wannan jan ya tafi.

Inno Gawon Nama: Ni abin da na sani, a ɗiga man zaitun a gefen murfin a bar shi ya kwana, da safe a ƙwanƙwasa shi da bayan cokali a hankali a kowane gefe, sai ya saki. Haka ake yi wa kwalaben turaren Makka.

Malama Saratu: Inno wannan na murfin gilashi ne, irin mai sanda da ake shafa turare da ita, in turare ya bushe ya liƙe shi. Nata na ɓawon itace ne kuma ya karye ciki. In aka ɗiga masa mai yanzu, ɗan riƙon da ya rage masa zai tafi, sukuru na taɓa shi ya sulale ƙasa.

Inno Gawon Nama: Au, ban karanta da kyau ba. Ku ci gaba.

Hajiya Luba: Ni dai ban ga abin wahala ba ɗiyata. Tunda gobe za a juye ta ga ƙananan kwalabe, mi za a yi da hiddo shi? A tura shi ciki a huta. Itacen ga ba shi nutsewa, bisa ruwa shika yawo. A samu bayan cokalin katako ko sandar da ta shiga wuya ba matsi, a yaɓa ƙyalle bisa bakin kwalba, a danna sannu. Sai a juye duka ta mataci a wata kwalba mai tsabta. Minti biyar an gama, ba sukuru ba filaya.

Malam Ummaru Kafinta: Hajiya gaskiyarki, hanya ce, kuma in guntun ya dagargaje ita kaɗai ta rage. Abin da ya sa ban fara da ita ba, kwalbar cike take. Sararin yatsa biyu ya rage. In an danna matoshi, iskar da ke wurin matsuwa take, da ya wuce wuya sai ta yi tsartuwa sama da humra, fuska take nufa. Mai sifirit a ido ba daɗi. In za a tura, a fara huda shi da basilla har ta ratsa, a zare ta a bar hanyar iska, sannan a danna. Kuma hannu ya riƙe sandar kusa da baki, don lokacin da matoshin ya saki sandar takan faɗa da ƙarfi ta fantsamo ruwan.

Hajiya Luba: Shi ya sa nic ce a yaɓa ƙyalle. Wani abu kuma da ba a hwaɗi ba: in anka karkata kwalba za a zuba, matoshin shika tasowa shi toshe wuya daga ciki, zuba ta tsaya, sai kuma ta ɓalle gaba ɗaya ta cika mazurari ta zube. A sa tsinken tsire mai tsabta a tokare shi baya har a zuba kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan shi da kansa shika komawa baya.

Maman Hanifa: Hajiya tsorona kada ya ɓata ƙamshin in ya jiƙa a ciki.

Hajiya Luba: Na minti biyar? Ai tun da anka rufe ta humrar ke taɓa ƙasanshi.

Malama Saratu: A nan sai an duba irin matoshin. Akwai wanda aka yanko daga ɓawon guda ɗaya, za ki ga ɗigo-ɗigo da layuka a jikinsa. Ɓawon wata bishiya ce da ake nomawa a Fotugal da Sifen, ana saɓule shi duk bayan shekara 9. Wannan ko ya kwana a ciki ba ya yin komai. Akwai kuma na gari, wanda aka niƙa ragowar ɓawon aka haɗe da gam aka matse, jikinsa kamar an dunƙule tsaki. Shi ya fi araha, shi ya fi yawa a kwalaben da ake sayowa babu komai a zuba kaya. Mai da sifirit suna sassauta shi a hankali, shi ya sa yake marmashewa. Irin wannan ba zan bar shi ya kwana cikin turare ba. Ko zai canja ƙamshi har hanci ya ji, Hajiya ta fi ni sanin hanci, amma garinsa zai cika kwalbar.

Hajiya Luba: Ba shi canzawa. Garin dai na yarda.

Bashar Mai Zuma: Tunda ana maganar, ga tawa matsalar. Kwalbar zuma ce, matoshin dogo, ya karye rabi kuma ya kafe kamar an sa masa siminti. Sukuru ya shiga lafiya amma garin kawai yake fitowa da shi. Ita ma turawa za a yi?

Malam Ummaru Kafinta: Bashar naka akasin nata ne. Nata ya saki, naka ya liƙe. Zuma ta shiga tsakanin itace da gilashi ta daskare ta zama sukari, ga hunturu ya busar da saman matoshin ya yi gautsi. Ƙarfin liƙewar ya fi ƙarfin naman, shi ya sa naman ke yagewa. Dogon matoshi kaurinsa wajen milimita 24 ne, anka matse shi cikin rami mai milimita 18 da rabi, ka ga ko ba zuma ma riƙonsa ba wasa ba ne. Sai ka fara raba shi da gilashi. Ka jiƙa ƙyalle da ruwan ɗumi, wanda hannu ke iya jurewa, ka naɗa a wuyan minti goma kana sabuntawa, ka ɗiga kaɗan a saman matoshin ya bi gefe. Sannan ka samu ƙarfe siriri mai faɗi maras kaifi ka zura tsakanin itace da gilashi, kana kaɗa shi gaba da baya, ba turawa tsaye ba, ka zagaye wuri huɗu. Bayan nan sukuru biyu, ɗaya ta kowane gefe, a karkace su haɗu a ƙasa, ka kama kawunansu tare da filaya ka murɗa kafin ka ja. Murɗawar ce ke karya liƙewar.

Nasiru Arkilla: Ruwan zafi sosai ya fi, don gilashin ya buɗe ramin ya ƙara faɗi.

Malama Saratu: Buɗewar da gilashi ke yi da zafin ruwa ba ta kai kaurin gashi ba, ba ita ke sakin matoshi ba. Narkewar sukarin ce, da laushin da itacen ke yi in ya ji ɗumi da danshi. Ruwan ɗumi ya isa wannan. Tafasasshe kuwa a kan kwalbar da ta kwana cikin sanyin Janairu, ƙas za ka ji. Bashar, kuma kada ka sa wuƙa mai kaifi kana banƙarawa da bakin kwalba. In bakin ya ɓalle, ɓarɓashin gilashi ya shiga zuma, ba a ganinsa, kuma zuma ba ta bin mataci mai ƙananan ido da zai tare shi. Wannan kwalbar ba ta sayarwa ba ce kuma, ba ta sha ba.

Bashar Mai Zuma: In kuma ya faɗa ciki fa? Kwalbar ina son ta.

Malam Ummaru Kafinta: Ka juye zumar tukuna, ka wanke, ka bar ta ta bushe. Sai ka samu leda siririya mai ƙarfi wadda ba ta huje ba, ka murɗe ta ta yi tsawo, ka zura gindinta ciki ka bar bakinta a waje. Ka kifa kwalbar ka girgiza har matoshin ya gangaro kafaɗa ya kwanta a tsaye gefen ledar, kansa na duban baki. Ka hura ledar kaɗan ta kumbura a bayansa, ka riƙe bakinta, ka ja da ƙarfi ɗaya ba tsayawa. Ledar ke rungumarsa ta jawo shi. In ya gitta a kwance kada ka ja, ledar za ta tsinke, ka sace iskar ka sake girgizawa. Ɗan ruwan sabulu a cikin wuyan shina taimakawa tunda wankewa za a sake yi.

Hajiya Luba: Ko zare mai ƙarhi, irin na ɗunkin buhu. A yi mai ƙulli babba ga baki, a tura ƙullin da tsinke shi wuce ƙarƙashin matoshi, a jawo. Wagga ko da ruwa cikin kwalba tana yi, tunda shina yawo kusa da wuya.

Malam Ummaru Kafinta: Tana yi in matoshin na tsaye kuma bai kumbura ba. Wanda ya daɗe cikin ruwa ya koma kaurinsa na asali, zare yanka shi yake yi ko ya zame ta gefe. A naɗe zaren a sanda kafin a ja, kada ya yanke yatsa.

Nasiru Arkilla: To kwalaben lemon inabi mai gas da ake kawowa wurin biki, masu waya a kai, in kan ya karye?

Malama Saratu: Wannan daban ce gaba ɗaya, kada a tura, kada a buga, kada a leƙa ta sama. Iskar ciki tana iya wuce ta tayar mota. A sanyaya ta sosai, a bar ta ta natsu, a juya bakin nesa da mutane, a rufa tawul mai kauri. Ta ƙarƙashin tawul a murɗa siririn sukuru har ya ratsa, a ɗan sassauta shi gas ya fita da kansa har sautin ya mutu, sannan a ja.

Maman Hanifa: Alhamdu lillahi, an yi yadda Malam ya ce. Sukurun ya kama, guntun ya taso har baki, sai ya rabe biyu a nan. Babban ya fito, ƙaramin kamar ƙwayar gyaɗa ya faɗa ciki da ɗan gari. Ashe na garin ne da Malama ta faɗa, a hannu ma marmashewa yake. Yanzu da me zan tace? Ina da rariyar shayi ta ƙarfe.

Hajiya Luba: Rariyar shayi manyan kawai taka tarewa. Ki shimfiɗa mata farin ƙyalle shara-shara ninki biyu, wankakke wanda ba ya ƙamshin sabulu, busasshe ƙarau. Ki girgiza humrar kahin ki zuba don abin da ya kwanta ƙasa shi bi, in ba haka ba kwalaben farko su yi ruwa na ƙarshe su yi kauri. Kada ki matse ƙyallen da ƙarhi, garin shika bi.

Malama Saratu: Ƙyallen zai sha kaɗan daga ciki, ki yanka ƙarami daidai rariyar. Kada ki sa auduga ko takardar goge hannu, za su shanye man su bar zare. A rufe abin da aka tace nan take don sifirit ɗin tashi yake.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Babbar kwalbar kuma da me zan sake rufe ta? Akwai wani matoshin mai hula a gida amma yana ɗan yin sako-sako.

Malam Ummaru Kafinta: Mai sako-sako ba ya riƙe ƙamshi. Ki tafi da kwalbar kasuwa a gwada, wanda ya dace shi ne mai shiga da ɗan matsi kina murɗawa, kaurinsa ya ɗara ramin da kamar milimita ɗaya. In akwai mai ƙafar roba ki ɗauke shi, ya fi na gari jure mai. Kuma wurin buɗewa a kama hular a murɗa ana ja sama a miƙe. Lanƙwasa ta gefe ke karya su daidai inda gam ya haɗa hula da itace.

Hajiya Luba: Roba na ɗaukar ƙamshi Malam, in anka canza turare tsohon na nan jikinta. Ni na itace guda nika so, a dai aje kwalbar tsaye cikin inuwa.

Malam Ummaru Kafinta: Na itacen ma shina ɗauka Hajiya. Kowace kwalba da nata matoshin, kada a yi musanya.

Bashar Mai Zuma: Baba Ummaru, sukuru biyun nan tsawonsu ɗaya, ko ɗaya ya fi? Wuyan kwalbar tawa matsattse ne, kawunansu na gogar juna kafin su kai ƙasa.

Malam Ummaru Kafinta: Sa ɗaya mai inci uku ɗaya mai biyu da rabi, kan dogon ya tsaya sama da na gajeren. Ka fara ɗaura gajeren.